Sikeli da Tef: Yadda Ake Yanke Kuɗin Dakon Kaya a Jirgin Sama

Lacca ga 'yan kasuwa da ɗalibai a garin Daura

Ina gaishe da iyayenmu da malamanmu, da shugabannin 'yan kasuwa, da iyayenmu mata masu sana'a, da ƙannenmu ɗalibai, musamman na Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan Daura, waɗanda wannan lissafi zai zama abincinsu gobe. Na ga fuskoki daga Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure, na gode da wannan tattaki. Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya, ya zaunar da masarautarmu lafiya.

Na zo da abu biyu a hannuna, kuna ganinsu. Wannan ƙaramin sikeli ne na rataye, wannan kuma tef ne irin na teloli. Kowane ɗan kasuwa a zauren nan ya san aikin sikeli a harkar dako. Kaɗan ne suka san cewa a sashen kaya na filin jirgi tef ma yana yanke hukunci, kuma sau da yawa hukuncinsa ne ake bi. A shekarun da na yi ina hidimar aika kaya da karɓo su a Kano, rigimar da na fi rabawa ita ce wadda mai kaya zai ce an cuce shi: sikeli ya nuna kilo 48, takarda ta ce ya biya kuɗin kilo 80. Yau ina so mu bi wannan rigima daga tushe, domin kowa ya fita daga nan ya iya lissafa kuɗin dakonsa tun kayan ba su bar sito ba.

Abin da direban tasha ya riga ya sani

Mu fara daga tasharmu ta nan gari. Ka kawo buhun siminti guda, wani ya kawo katifa mai faɗi shida. Buhun siminti kilo 50 ne, katifar ba ta kai shi nauyi ba, amma babu ɗan kamashon da zai karɓi kuɗin katifa ƙasa da na siminti. Dalilinsa a fili yake: katifa ta cinye wurin da zai zuba buhu da yawa. Haka mai babbar mota yake yi. In ya yi lodin ƙarfe, motar za ta durƙusa alhali bodi bai kai rabi ba. In ya yi lodin auduga, zai cika har ya yi tozo, ya ɗaure da igiya, motar kuwa ba ta ji komai ba. A lodin farko nauyi ne ya tsayar da shi, a na biyu wuri ne ya ƙare masa. Man da zai ƙona daga nan zuwa Kano ta Kazaure bai bambanta sosai ba, dole kowane lodi ya biya kuɗin tafiya.

Jirgin sama ma iyaka biyu gare shi, sai dai nasa iyakokin sun fi tsanani. Akwai nauyin da ba zai tashi da abin da ya wuce shi ba, akwai kuma faɗin cikinsa wanda ba a yi masa tozo. Babban jirgin dako samfurin Boeing 747-400 yana ɗaukar kimanin tan 110, cikinsa kuma yana da wuri kimanin mita kubik 700. Mita kubik shi ne akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, wanda masu odar kaya daga China suke gani an rubuta CBM. Idan ka raba nauyin da wurin, za ka ga kowane mita kubik ya kamata ya zo da kilo ɗari da hamsin da wani abu kafin jirgin ya cika ta fuska biyu a lokaci guda. Kayan da suka fi haka sauƙi za su cika jirgi tun bai ɗauki nauyinsa ba, kamfani ya tashi da asara.

Saboda haka ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, wadda aka kafa a 1945, take aiki da ita ta tsaya kusa da wannan adadi. Ƙa'idar ta ce kowane santimita kubik 6,000 na wuri a ɗauke shi a matsayin kilo ɗaya. Wannan yana nufin mita kubik ɗaya daidai yake da kusan kilo 167. Duk wanda ya kama wurin mita kubik ɗaya a cikin jirgi zai biya kuɗin kilo 167, ko da auduga ya zuba. In kuma abin da ya zuba ya fi kilo 167, sai ya biya abin da sikeli ya nuna.

Nauyi uku a kan kwali ɗaya

Daga nan ina so ku riƙe sunaye uku. Na farko nauyin sikeli: a ɗora kwali da duk abin da ke jikinsa, har salatef da igiya da katako, a karanta. Na biyu nauyin girma: a auna kwalin da tef, a mayar da girmansa kilo. Na uku nauyin biya, wato wanda ya fi yawa tsakanin biyun farko. Shi ake ninkawa da farashin kilo. A takardar dakon jirgi, wadda muke kira webil, akwai gurbin da aka rubuta Gross Weight, nan ake sa nauyin sikeli. Kusa da shi akwai gurbin da aka rubuta Chargeable Weight, nan ake sa nauyin biya. Idan lambobin biyu suka bambanta sosai, to tef ne ya yi magana.

Ga yadda ake fitar da nauyin girma, kuma awon duka da santimita ake yinsa:

```
tsawo × faɗi × tsayi ÷ 6000 = kilo
```

Akwai al'adu biyu na awon da ya kamata ku sani. Ana ɗaukar tsawo da faɗi da tsayi ne daga inda kwalin ya fi fitowa, ba daga inda ya fi kyau ba. Sannan in amsa ta zo da ɓurɓushi, sama ake cikawa zuwa rabin kilo ko cikakken kilo na gaba. Kilo 17 da gram 100 zai koma 17 da rabi, kilo 17 da gram 600 zai koma 18.

Wanda ba shi da kalkuleta a kusa, ga gwajin ido. Jarkar ruwa mai lita 25 tana cin santimita kubik 25,000. Raba da 6,000, ka sami kilo huɗu da 'yan kai. To ka tambayi kanka: in na cika wurin da ya kai jarka ɗaya da kayana, za su kai kilo huɗu? In za su wuce, kamar atamfa da shadda da turare da kayan gyaran inji, sikeli ne zai yanke maka kuɗi. In ba za su kai ba, kamar jakunkuna da robobi da filo da kayan wasan yara da takalma a cikin kwalayensu, to tef ne alƙalinka.

Kwali huɗu daga Guangzhou

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi tiryan-tiryan. Mu ƙaddara wani ɗan'uwanmu mai shago a kasuwar Daura ya yi odar jakunkunan makaranta guda 120 daga Guangzhou, yana so su iso kafin a koma hutu. Za su sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, daga nan mota ta kawo su gida. Mai sayarwa ya turo masa saƙo cewa kwali huɗu ne, jaka 30 a kowanne, kowane kwali kilo 12. Don lissafi ya zo mana da sauƙi, mu sa farashin dako dala 6 a kilo. Wannan farashi na misali ne kawai, na gaskiya yana hawa yana sauka, kowa ya tambayi ejan ɗinsa na ranar.

Ɗan'uwanmu ya zauna ya buga lissafi. Kilo 12 sau huɗu, 48. Sau dala 6, dala 288. Ya raba wa jaka 120, kowace jaka ta ɗauki dakon dala 2 da santi 40. A kan wannan ya yanke farashin da zai sayar, har ya karɓi kafin alƙalami daga masu makarantu biyu.

Abin da bai tambaya ba shi ne girman kwalin. Kowane kwali tsawonsa santimita 60, faɗi 50, tsayi 40. Ku buga tare da ni. 60 sau 50, 3,000. Sau 40, 120,000. Raba da 6,000, kilo 20. Kwalin da sikeli ya ce kilo 12 ne, tef ya ce 20. Kwali huɗu, kilo 80. Tunda 80 ta fi 48, nauyin biya kilo 80 ne, kuɗin dako dala 480. Ƙarin dala 192 ya faɗo masa, kowace jaka yanzu dakonta dala 4 cif. Idan ribar da ya sa wa kowace jaka ba ta kai dala 1 da santi 60 ba, to cinikin ya koma asara tun kaya suna sama.

Na sha ganin irin fuskarsa a bakin sito a Kano. Mutum zai ɗaga kwali da hannu ɗaya, ya jijjiga shi, ya ce, “Malam, dubi Allah, wannan ne kilo ashirin?” Sai in yanke salatef in buɗe masa. Jakunkunan suna tsaye a jere, kowace an cusa mata takarda ko soso a ciki don ta yi kyan gani, kowace a cikin ledarta mai iska, a saman kuma akwai wajen taƙi guda da babu komai. Sai in ce masa, “Alhaji, ba wanda ya taɓa maka sikeli. Iskar Guangzhou ka yi wa dako, kilo 32 nata.” A nan ne yawanci murya take sauka.

Wani abu kuma da ake mantawa: kwastan suna lissafa haraji ne a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da kuɗin dako. Duk abin da ya kumbura dako yana iya kumbura haraji. Wasu ƙananan caji ma, kamar ƙarin kuɗin mai, sau da yawa a kan nauyin biya ake ɗora su.

Lambar rabawa ba ɗaya ba ce

Kafin mu zo ga magani, akwai tarkon da ya fi kama masu ƙananan saƙonni. Lambar 6,000 ta dakon jirgi ce na gama-gari. Manyan kamfanonin saƙon gaggawa masu kai kaya har ƙofa, irin DHL da FedEx da UPS, da 5,000 suke rabawa a saƙonnin ƙasa da ƙasa. Ƙaramar lambar rabawa tana haifar da babban nauyi. Kwalin ɗan'uwanmu mai santimita kubik 120,000, in aka raba da 5,000, kilo 24 ne, kwali huɗu kilo 96. A wurinsu mita kubik ɗaya kilo 200 ne.

Saboda haka in ejan biyu suka ba ka farashi, kada ka tsaya a kan wanda kilonsa ya fi araha. Mu ce na farko ya ce dala 6 kuma da 6,000 yake rabawa, kuɗinka dala 480. Na biyu ya ce dala 5 da rabi amma da 5,000 yake rabawa. Kilo 96 sau 5 da rabi, dala 528. Mai arahar baki ya fi tsada da dala 48. Ga mai kaya masu nauyi, wanda sikeli ke yanke wa hukunci, na biyun ne ya fi sauƙi da gaske. Ga mai jakunkuna kuwa, na farko. Tambayar farko da za ka yi wa duk mai karɓar kaya ita ce: da wace lamba kuke rabawa?

Magani na farko: a fitar da iska

Mu koma kan kwalayen nan huɗu. Da ɗan'uwanmu ya san lissafin tun farko, saƙo ɗaya zai tura wa mai sayarwa: a cire cushen da ke cikin jakunkuna, a kwantar da su ɗaya kan ɗaya, kai da ƙafa, a danne, sannan a yanke kwalin daidai inda kaya suka tsaya. Mu ce da aka yi haka tsayin ya sauko daga santimita 40 zuwa 26. Sabon lissafi: 60 sau 50 sau 26, 78,000. Raba da 6,000, kilo 13. Kwali huɗu kilo 52, dala 312. An ceto dala 168 da wuƙa da salatef, jaka ko ɗaya ba ta ragu ba.

Amma matsi yana da iyaka. A wannan kwali, in tsayi ya kai santimita 24, nauyin girma ya zama kilo 12, ya yi kunnen doki da sikeli. Daga nan duk matsin da ka ƙara ba zai rage maka ko santi ba, domin sikeli ya karɓi hukunci. Abin da za ka samu kawai shi ne karyayyen zif da jakar da ta lanƙwashe ba ta miƙewa. Akwai kuma kayan da iskar da ke kewaye da su ita ce garkuwarsu, kamar tangaran da gilashi da fitilu. Waɗannan gara ka biya kuɗin soso da ka karɓi tsingaro. Mai takalma shi ma ya auna: cire kwalin kowane takalmi yana rage girma sosai, amma in masu sayenka ba sa karɓar takalmi sai da kwalinsa, sai a ware kwalayen a shimfiɗe su a ɗaure, ka naɗa su in sun iso.

Haka abin yake ga masu aikawa waje. Uwar da za ta aika wa 'yarta faifai da ƙwarya da malafa zuwa Jidda ko Landan ta sani cewa abin da ba shi da kusurwa, ana auna shi ne kamar yana cikin akwatin da zai rufe shi ruf. Ƙwarya guda mai faɗin baki santimita 40 da zurfin 20 za a lissafa ta 40 sau 40 sau 20, wato 32,000, kilo biyar da rabi bayan an cika, alhali yaro zai ɗauke ta da yatsa biyu. In aka jera ƙore goma ciki da ciki, ƙarami cikin babba, aka cika ramin ta sama da kuka ko kuɓewa busasshiya, in ƙasar da za a kai ta yarda da shigar su, wurin da za su ci kaɗan zai ƙaru. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan jeri a ɗakin amarya, jirgi ma shi yake so.

Magani na biyu: a haɗa mai nauyi da marar nauyi

Wannan shi ne sirrin sana'ar masu tara kaya, kuma ba laifi ba ne ku san shi. A dakon jirgi na gama-gari, kayan da suka tafi a webil ɗaya jimilla ake yi musu: a tara nauyin sikeli na dukkan kwalaye, a tara nauyin girma na dukkansu, sannan a ɗauki wanda ya fi.

Mu ce ɗan'uwanmu bai iya matse jakunkunan ba, suna nan a sikeli 48, girma 80. Maƙwabcinsa a kasuwa kuma ya yi odar kwali ɗaya na kwaɗon ƙofa, ƙaramin kwali mai santimita 30 da 30 da 20, amma nauyinsa kilo 35. Nauyin girmansa 18,000 a raba da 6,000, kilo 3 kacal. In kowa ya aika nasa daban, mai jaka zai biya kilo 80, mai kwaɗo ya biya 35, jimilla 115. In suka haɗa a takarda ɗaya, sikeli zai ce 48 da 35, wato 83. Tef zai ce 80 da 3, shi ma 83. Nauyin biya kilo 83. Kilo 32 sun fita daga lissafi, domin mai kwaɗo ya cike nauyin da mai jaka ya biya bai yi amfani da shi ba.

Ejan ɗin da ke tara kayan mutum hamsin a Guangzhou ko Dubai haka yake yi. Yana karɓar kuɗin girma daga mai jaka, ya karɓi kuɗin sikeli daga mai kwaɗo, shi kuma ya biya jirgi a kan jimilla. Bambancin yana cikin ribarsa, halal ce in kowa ya san ƙa'idar da aka caje shi da ita. Abin da nake nuna muku shi ne, ƙungiyar 'yan kasuwar gari ɗaya, ko mutum ɗaya mai sayen kaya iri biyu, zai iya cin wannan moriya da kansa. Sai dai a kula: kamfanonin saƙon gaggawa galibi kwali-kwali suke lissafi, kowane kwali da nasa hukunci, don haka haɗin ba zai yi aiki ba sai mai nauyi da marar nauyi sun shiga cikin kwali guda. Ga tambaya ta biyu ke nan: jimilla kuke yi ko kwali-kwali?

Matakalar farashi

Farashin kilo ba ɗaya ba ne daga ƙasa har sama. Akwai mafi ƙarancin kuɗin da za a karɓa komai ƙanƙantar saƙo. Akwai farashin abin da bai kai kilo 45 ba, wanda ya fi tsada. Daga 45 farashi yana sauka, ya sake sauka a 100, da sauran matakai kamar 300 da 500 da 1,000. Ƙa'ida ta yarda a lissafa maka a matakin sama in hakan ya fi maka sauƙi.

Misali, mu ce ƙasa da kilo 45 dala 8 ne, daga 45 kuma dala 6. Kayanka kilo 40. In aka bi farashin ƙasa, dala 320. In aka rubuta maka kilo 45 a dala 6, dala 270. Ka biya kilo biyar da ba ka da su, amma ka rage dala 50. Don haka in ka ga nauyin biya a webil ya tsaya cak a kan 45 ko 100 alhali sikeli da tef duka ba su kai nan ba, kada ka yi saurin zargi, ka duba farashin da aka ninka da shi. In farashin matakin sama aka sa, an kyauta maka. In kuwa an ɗaga nauyi zuwa 45 kuma an bar farashi a dala 8, to nan akwai magana.

Inda awo ke karkacewa

Kuskure uku na fi gani. Na farko kumburin kwali. Mai sayarwa zai ba ka awon da aka buga a jikin kwali tun yana sabo, 60 da 50 da 40. Bayan an cusa kaya an danne an naɗe da leda, cikinsa ya fito, tef ɗin filin jirgi ya sami 62 da 53 da 43. Ido ba zai ga bambancin ba, amma lissafi ya koma 141,298, kilo 23 da rabi da ɗoriya a kowane kwali. Kwali huɗu sun tashi daga 80 zuwa 94 da rabi, ƙarin dala 87 a farashinmu na misali. Santimita biyu ko uku a kowane gefe ba wasa ba ne, domin ninka su ake yi da juna. Awon da za ka amince da shi shi ne wanda aka yi bayan an rufe kwali an gama ɗaure shi.

Na biyu fuskar tef. Ku dubi wannan na hannuna, fuska ɗaya inci ce, wadda telolinmu suka saba da ita, ɗayar santimita. Kwalinmu a inci kusan 24 da 20 da 16 ne. Wanda ya ninka waɗannan ya raba da 6,000 zai sami kilo ɗaya da ɗan wani abu, ya kwanta da murna, gari ya waye masa da kilo 20. In da inci ka auna, lambar rabawa 366 ce. Mafi aminci ka juya tef ɗin ka yi da santimita.

Na uku ƙarin da ake yi bayan kaya sun bar hannunka. In aka ɗora kwalaye a kan katakon lodi ko aka yi musu akwatin katako, katakon yana shiga sikeli, yana kuma shiga tef. Ka tambaya tun farko ko za a yi hakan, kuma wa zai biya.

Yadda za ka gane an yi maka daidai ba wuya. Ka nemi hoton kowane kwali a kan sikeli, da hoton tef a jikinsa ta gefe uku, kafin a loda. Ka buga lissafinka. In kaya sun iso Kano, kafin ka yanke salatef, ka sake aunawa a gaban wanda ya miƙa maka. In lambarka da ta takarda sun yi kusa, ka biya da zuciya ɗaya. In sun yi nisa, kana da hujja a hannu, kuma mai hujja ba ya buƙatar ɗaga murya. Da zarar ka buɗe kwali ka watsa kaya, hujjar ta tafi.

Wani lokaci kuma lissafin zai gaya maka cewa kayanka ba na jirgin sama ba ne. Kwalayen nan huɗu gaba ɗaya ba su kai rabin mita kubik ba, 0.48 ne. A jirgin ruwa, masu haɗa kaya a kwantena da mita kubik suke ciniki, kuma sai mita kubik ɗaya ya wuce kilo 1,000 kafin nauyi ya karɓi hukunci. Shi ya sa kaya masu girma marasa nauyi suka fi dacewa da ruwa, su sauka Legas, mota ta hauro da su. Abin da za ka bayar a madadin sauƙin shi ne lokaci, makonni maimakon kwanaki. Mai jakar makaranta da ya yi oda wata uku kafin a koma hutu ba ya buƙatar jirgin sama. Wanda ya makara shi ne yake sayen sauri da tsada.

Kira

Ga 'yan'uwana ejan-ejan da masu karɓar kaya, addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu da sikeli, kuma tef ma ma'auni ne. Wanda ya ƙara santimita biyu a takarda don mai kaya ba ya nan ya ci haƙƙi kamar wanda ya danne sikeli da yatsa. Ku rubuta wa mutane awon kowane kwali da lambar da kuka raba da ita a jikin rasit. Ga ɗalibanmu, ku koyi wannan lissafi har ya zauna muku a ka, ku shiga kasuwa ku koya wa iyayenku da harshen da suke ji.

Ga 'yan kasuwa kuma, iyayena maza da mata, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kada ku tura ko sisi na kuɗin kaya sai kun sami amsar abu huɗu: nauyin kowane kwali bayan an rufe, awonsa ta gefe uku da santimita, lambar da za a raba da ita, da kuma ko jimilla za a yi ko kwali-kwali. Ku ninka, ku raba, ku ɗauki lambar da ta fi girma, a kanta za ku yanke farashin sayarwa. Tef ɗin tela ba shi da tsada, kowa ya saya ya ajiye a aljihu kusa da wayarsa.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, ya mayar da kowa gidansa lafiya.